Harajin ƙiyasi da kuɗin ƙarfen mutane

"Oga, in na buɗe shagona, in bari masu haraji su yanka mini a kan cinikina, ko in riƙa rubuta lissafi in biya a kan riba?"

Ajiye gudumar nan ka zauna. Ka tono mini abin da har gobe yake ci mini rai.

Wata shekara wani ɗan kwangila ya kawo mini aikin ƙofofi da tagogin gidaje shida. Ya turo kafin alƙalami naira miliyan uku ta banki, na kwashe su kaf na zuba a ƙarfe, na ƙara da nawa na sayi fenti da man janareta. Wata biyu muna walda har dare, idona har ruwa yake yi. Ran da aka ɗora ƙofar ƙarshe ya ce cikon sai Juma'a. Yau shekara nawa, Juma'ar ba ta zo ba. Na je gidansa ya fi sau goma, kullum "ya yi tafiya", alhali ga motarsa a ƙofa.

Ana cikin haka masu haraji suka zo. Suka duba kuɗin da ya shiga asusuna suka ce cinikina ke nan. Na ce kuɗin ƙarfe ne, ko ƙwandala ban ci ba. Suka ce ina rasit? Babu. Ni da nake taƙamar komai yana cikin kaina! Haka na biya haraji a kan aikin da na faɗi.

Ƙiyasi, wato harajin da ake yanka maka a kan ciniki, ba ruwansa da faɗuwa, abin da ya shigo yake kallo. Tela da ake kawo wa yadi, kusan duk abin da ya karɓa ladan hannunsa ne, ƙiyasi sauƙi ne gare shi. Mu kuwa, cikin naira ɗari, tamanin da wani abu na mai ƙarfe ne da mai.

Yi lissafi. A ce cinikinka miliyan shida a shekara, ribar miliyan ɗaya, a ce kuma an yanka maka kashi ɗaya cikin ɗari na ciniki: 60,000 ke nan, ko ka ci ko ka faɗi. A sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 na farko na abin da ka samu ba haraji, abin da ya biyo baya kashi 15. Saura 200,000, harajinsa 30,000. Rabi.

Amma ribar da ba takarda tatsuniya ce a wurinsu. Ku yaran yanzu da waya ba ta barin hannunku, ko hoton rasit ba kwa iya ɗauka. In ka san ba za ka rubuta ba, karɓi ƙiyasin ka huta, sai dai duk babban aiki ka sa mai shi ya sayo ƙarfensa da kansa, kai ka karɓi kuɗin aikinka kawai.

Tashi ka goge bakin ƙofar can, tun safe take jiranka.