Yana karatu har tsakar dare, amma yana faɗuwa

Tambaya: "Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana yana aji biyar na sakandare a nan Gombe. Wallahi yana karatu, wani lokaci har ƙarfe ɗayan dare, amma duk zango sai ya faɗi Kemistiri da Lissafi. Yanzu har ya fara cewa shi ba shi da ƙwaƙwalwa, a kai shi kasuwa kawai. Me zan yi masa?"

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya shirya mana su. Kafin ki nemo malamin lesin, ki fara leƙa shi ki ga abin da yake yi da littafin a daren nan. Ina kyautata zaton za ki tarar yana maimaita shafi ne da ido, yana ja wa layuka jan biro, ko yana kwafe rubutun malami zuwa wani sabon littafi. Haka ɗan yayata yake yi, wanda muke kira Auta, lokacin da aka dawo da shi wurina a Jekadafari bayan ya samo maki 31 cikin 100 a Kemistiri.

Na daɗe ina koyarwa, don haka ban yi masa faɗa ba. Na bar shi ya gama karanta babin mol, wato ma'aunin da ake auna yawan sinadari da shi a Kemistiri, na tambaye shi ko ya gane, ya ce ƙwarai. Sai na karɓe littafin, na miƙa masa farar takarda, na ce rubuta min duk abin da ka tuna. Ya yi ta juya biro. Layi uku ya iya fitarwa, ɗaya ma ba daidai ba. Ya ce, "Kawu, wallahi yanzun nan na sani."

Ba ƙarya ya yi ba. Idan mutum ya ga shafi sau biyar, idonsa ya saba da shi, sai zuciyarsa ta ce masa ai ka iya. Amma a ɗakin jarrabawa babu shafin, dole ya zaro abin daga kansa, kuma wannan zarowar bai taɓa gwada ta ba ko sau ɗaya. Mu da muka yi makarantar allo mun san wannan tun muna yara: ba a barin almajiri ya wanke allo don ya ce ya iya, sai ya kife shi ya kawo hadda a gaban malam, kuma bayan ya wuce ma sai ya riƙa tilawar baya. Abin da na mayar da Auta kansa ke nan.

Tsarin ba shi da wuya. Ya karanta shafi biyu kacal, ya rufe littafi, ya rubuta abin da ya tuna a farar takarda, sannan ya buɗe ya gyara da jan biro. Inda jan biro ya yi yawa, nan zai koma, ba farkon babi ba. A darasin da ke da lissafi kuwa, rufe amsar misali yake yi ya warware da kansa. Bari in ba ki misalin da ya fi ba mu wahala. An narkar da giram 4 na wani sinadari mai suna NaOH a ruwa har ya kai 250 cm³, ana neman ƙarfin haɗin. Nauyin mol ɗaya na NaOH giram 40 ne (23 + 16 + 1), don haka 4 ÷ 40 ya ba da mol 0.1. Daga nan sai a mayar da 250 cm³ zuwa dm³, a raba da 1000, ya zama 0.25. Sai 0.1 ÷ 0.25, amsa 0.4 mol/dm³. In yana kallon littafi, Auta yana gyaɗa kai a kowane mataki. In an rufe, kullum a wuri ɗaya yake zamewa: ya manta raba 250 da 1000, ya samo 0.0004, ya ja layi biyu a ƙasa da ƙarfin gwiwarsa. Da karatun ido ne, zai shekara bai san a nan raminsa yake ba.

Shi ya sa muka ware ƙaramin littafi na kurakurai kawai. Duk tambayar da ya faɗi, ya rubuta ta a shafin hagu, a dama kuma ya rubuta dalilin faɗuwar da kalmominsa. Ba "na yi kuskure" ba, a'a, "na manta mayar da cm³ zuwa dm³". Bayan ɗan lokaci da ya duba, sai ya ga kurakuran nasa ba su wuce iri huɗu zuwa biyar ba, su ne suke ta dawowa da sabuwar riga. A ganina ranar ce ya fara daina cewa shi daƙiƙi ne, don abu biyar ana iya gyara su.

Sai maganar tazara. Wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya nuna tun 1885 cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, daga baya ta lafa. Saboda haka abin da Auta ya koya ranar Litinin, zai sake gwada kansa a kai ranar Talata, sai Juma'a, sai Juma'ar sama, duk da littafi a rufe. Minti goma ya isa kowane komawa. Karatun ƙarfe ɗayan dare kuma na soke shi. Awa ɗaya da rabi bayan Isha'i, rabin awa bayan Asuba, ya yi barcinsa, domin a cikin barci ne abin da aka koya yake zama.

Hajiya, ki shirya wa ƙorafi. Makonnin farko zai ce miki wannan hanyar ta fi mayar da shi baya, saboda a da yana tashi daga karatu da jin daɗi, yanzu kuma kullum takarda tana nuna masa abin da bai sani ba. Auta har kuka ya yi wata rana, ya ce gara tsohuwar hanyarsa. Ban yi masa dogon wa'azi ba. Na ɗauko takardarsa ta ranar farko mai layi uku, na ajiye kusa da ta wannan makon da ta cika shafi, na tashi na ba shi wuri.

Akwai kuma inda tsarin ba ya aiki. Abin da yaro bai fahimta ba tun farko, rufe littafi ba zai sa ya fahimta ba, sai an zauna an yi masa bayani. Mu ma mun gano rabin matsalar Kemistirin Auta ta Lissafi ce: raba lamba mai ɗigo, irin 0.1 ÷ 0.25, yana rikita shi tun ƙaramar sakandare. Sai da muka ajiye Kemistiri na ɗan lokaci muka koma can. In ɗanki yana faɗuwa a darussan biyu tare, ina zargin irin wannan ramin.

Sakamako bai zo da gudu ba. Zango na biyu ya samu 44, har yanzu bai kai kiredit ba, tunda a WAEC sai daga 50 ake samun C6. Amma malaminsa ya ce min ya fara ɗaga hannu a aji, yaron da a da yake laɓewa a bencin baya. Zango na uku ya haye 58. Da ya shiga aji shida sai ya koma kan tsoffin tambayoyin WAEC da NECO, yana sa wa kansa agogo, har abokansa biyu suna zuwa zaure suna yi wa juna tambayoyi.

Ba sai kin san Kemistiri ba kafin ki taimaka masa. Yau da dare ki karɓi littafin, ki ba shi takarda da minti goma, in ya gama ku buɗe ku gwada tare. Ki rubuta kwanan wata a saman takardar ki adana ta, kuma kome ƙarancin abin da ya rubuta, kada ki yi masa gori, musamman a gaban ƙannensa.