Mirgina jeri da juyi uku: me ya sa yake lalacewa idan k ya fi tsawon jerin?

Tambaya: Malam, ina rubuta furogiram da C don wata ƙaramar na'ura mai ƙarancin memori. Ina so in mirgina jerin lambobi zuwa dama ba tare da buɗe jeri na biyu ba, sai na yi amfani da dabarar juyi uku. Da lambobi 7 da taku 3 komai daidai. Da na sa taku 10, wasu lambobi da ban san daga inda suka fito ba suka shigo, wani lokaci ma furogiram ɗin ya tsaya cak. Wani abokina ya ce dabarar ce ba ta da tabbas, in koma matsar da su ɗaya bayan ɗaya. Hankalina ya tashi, don na riga na saka wannan kod a wurare da dama.

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, dabarar lafiyarta ƙalau. Layi ɗaya ne ya ɓace a kod ɗinka. Sai dai ka yi daidai da ka damu, domin ɓarnar da rashin layin nan yake yi ta wuce abin da ka gani a allo.

Bari mu fara da inda abin ya yi maka daidai. Jerinka 1 2 3 4 5 6 7 ne, k kuma, wato yawan taku, 3 ne. Abin da ake nema shi ne ukun ƙarshe su dawo gaba, huɗun farko su koma baya, kowane rukuni da tsarinsa na asali. Juyi na farko yana kifa jerin gaba ɗaya, ya zama 7 6 5 4 3 2 1. Duba da kyau, rukunan biyu sun riga sun isa inda ake so: 7 6 5 na gaba, 4 3 2 1 na baya, illa dai kowanne a kife yake. Juyi na biyu ya miƙe ukun farko, suka zama 5 6 7. Juyi na uku ya miƙe sauran, suka zama 1 2 3 4. An gama: 5 6 7 1 2 3 4. Musanya 3 a juyin farko, 1 a na biyu, 2 a na uku, jimilla 6, kuma ba a ari komai ba sai ma'aji guda na riƙe lamba a lokacin musanya. Duk tsawon jerin, yawan musanyar ba ya wuce n, wato yawan lambobin da ke cikinsa.

Shawarar abokinka kuwa, yi mata lissafi kafin ka ɗauka. Matsar da jeri taku ɗaya yana taɓa kowane gurbi, a maimaita haka sau k. Jeri mai lambobi miliyan 1 da taku 500,000 zai ci motsi wajen biliyan 500, alhali juyi uku zai gama da musanya kusan miliyan 1. Ba ka da dalilin komawa can.

Yanzu ga abin da ya same ka. Dabarar gaba ɗayanta ta ginu ne a kan yanka jeri gida biyu a gurbi na k. Jeri mai lambobi 7 ba shi da wurin yanka na 10. Amma mirginawa zagaye ce: idan ka mirgina lambobi 7 taku 7, kowa ya koma mazauninsa, kamar ba a yi komai ba. Don haka taku 10 daidai yake da taku 3, haka ma 17 da 24. Abin da ke aiki shi ne ragowar da ta saura idan an raba k da n, wato `k %= n`, kuma dole a yi shi kafin juyi na farko.

```c
void juya(int a[], int hagu, int dama) {
    while (hagu < dama) {
        int t = a[hagu];
        a[hagu++] = a[dama];
        a[dama--] = t;
    }
}

void mirgina(int a[], int n, int k) {
    if (n <= 1) return;
    k %= n;
    if (k < 0) k += n;
    if (k == 0) return;
    juya(a, 0, n - 1);
    juya(a, 0, k - 1);
    juya(a, k, n - 1);
}
```

Ina so ka ga ainihin abin da kod ɗinka ya aikata da taku 10, gurbi bayan gurbi, domin a nan ne nake fama da mutane kullum. Juyin farko ya tafi lafiya, 7 6 5 4 3 2 1. Juyi na biyu aka ce masa ya yi daga gurbi na 0 zuwa na 9, alhali gurbinka na ƙarshe shi ne na 6. Sai ya musanya `a[0]` da `a[9]`, `a[1]` da `a[8]`, `a[2]` da `a[7]`. Waɗannan gurabe uku ba naka ba ne. Duk abin da ke kwance a cikinsu ya shigo gaban jerinka, su ne baƙin lambobin da ka gani. Lambobinka 5, 6 da 7 kuma sun fita sun danne kayan wani. Daga nan ya musanya `a[3]` da `a[6]`, `a[4]` da `a[5]`, bayan jerin ya zama 1 2 3 4. Juyi na uku aka ce daga 10 zuwa 6, hagu ya riga ya wuce dama, bai yi komai ba. Sakamakon shi ne baƙi uku, sannan 1 2 3 4. Lura cewa huɗun ƙarshe sun fito daidai da amsar gaskiya. Wanda ya duba a gurguje zai iya cewa ai an kusa, ɗan gyara ne ya rage.

Kuskuren da nake cin karo da shi kusan kowace rana shi ne mutum ya ce: "Ai na gwada, bai faɗi ba, don haka yana aiki." A C wannan magana ba ta da tushe ko kaɗan. C ba ya duba iyakar jeri. Ka rubuta a `a[9]` na jeri mai gurabe 7, harshen bai yi maka alƙawarin komai ba, ko faɗuwa ko tsayawa. Abin da ke bayan jerinka zai iya zama wani ma'ajin da furogiram yake dogara da shi, ko adireshin da fankishin zai koma idan ya gama, ko wani fili da ba a amfani da shi a wannan ginin amma za a yi amfani da shi a gini na gaba. Ranar da naka ya tsaya cak, ranar ce ka yi sa'a, domin ta tona maka asirin matsalar. Ranakun da ya wuce shiru su ne abin tsoro. A ƙaramar na'ura irin taka sau da yawa babu ma abin da zai tare rubutu a wurin da ba naka ba, sai dai ka ga wani sashe da bai da alaƙa da jerin ya fara hali na daban bayan kwanaki, ka yi ta neman laifi a inda babu shi. Na taɓa ɓata kwana biyu ina bin sawun wani ma'aji da ƙimarsa take canzawa da kanta, ashe jerin da ke maƙwabtaka da shi ne ake rubuta wa fiye da iyakarsa.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne magungunan jabu da ake raba wa masu koyo. Wani zai ce ka sa `if (k > n) k -= n`. Da 10 zai ba ka 3, ka yi murna. Da 17 zai ba ka 10, ka koma ramin da ka fito. Wani zai ce ka ƙara wa jerin girma, ka ba shi gurabe 100 don ya daina faɗuwa. Ya daina faɗuwa kam, amma amsar tana nan a lalace, an dai toshe bakin da ke faɗa maka. Wani kuma zai ce ai a aikinsa k ba ya taɓa wuce n. Wa ya tabbatar masa? Yau jerin 7 ne, gobe a cire abubuwa ya koma 2, k yana nan a 3. Mai rubuta fankishin ba shi ne mai kiransa har abada ba. Layi ɗaya ne, rabawa sau ɗaya tak, babu wani sauri da ake samu ta hanyar cire shi. Masu rubutu da Java su gode, domin su harshen zai tsayar da su da `ArrayIndexOutOfBoundsException` nan take. Kai ba ka da wannan gata, kai ne mai gadin iyakarka.

Sauran layukan da ke kewaye da `k %= n` ma kowanne da aikinsa. Idan jerin fanko ne, n ya zama 0, kuma neman ragowa da sifili haramun ne a C, shi ya sa `n <= 1` ya zo a gaba. Idan k ya zo ƙasa da sifili, C yana ba ragowar alamar abin da aka raba, don haka `-3 % 7` yana ba da -3, saɓanin Python da ke ba da 4. Ƙara n ya mai da shi 4, kuma haka ya kamata, tunda taku 3 zuwa hagu shi ne taku 4 zuwa dama a jeri mai 7. Shi kuma `k == 0`, da `int` ba dole ba ne, aiki kawai yake ragewa. Amma ranar da wani ya canza nau'in zuwa `size_t`, wanda ba ya sauka ƙasa da sifili, `k - 1` zai zagaya ya zama lamba mafi girma da nau'in ke ɗauka, juyi na biyu ya faɗa cikin memorin da ba naka ba.

Tunda ka ce kod ɗin ya bazu wurare da dama, tara shi ya zama fankishin guda, sannan ka duba jerin gwanon juyin a kowane wuri kafin ka goge. Idan aka fara da k na farko, sannan sauran, aka ƙare da jerin duka, sakamakon 4 5 6 7 1 2 3 ne, wato mirginawa hagu. Kada ka gwada wannan da lambobi 6 da taku 3, domin idan k rabin n ne hagu da dama amsa ɗaya suke bayarwa.

Ka gina kod ɗin a kwamfutarka da `gcc -g -fsanitize=address`, wanda zai tsayar da furogiram ya nuna maka layin da ya tsallake iyaka. Fara da tsohon kod da taku 10 don ka ga ƙorafin da idonka. Sannan ka ɗora sabon, da jerinka mai 7: taku 0 da 7 su bar shi yadda yake, 3 da 10 da 17 su ba da 5 6 7 1 2 3 4, taku -3 ya ba da 4 5 6 7 1 2 3. Ka ƙara da jeri fanko da jeri mai lamba ɗaya. Idan na'urarka tana adana bayanai na dindindin, ka sake duba duk abin da ta ajiye a lokacin da tsohon kod yake aiki, domin ba jerin kaɗai aka taɓa ba.