Kuɗi na cikin aljihun tebur, amma na'ura ta ƙi turawa

Tambaya: Maigida, jiya da la'asar wani ɗan kasuwa ya kawo naira dubu tamanin in tura masa, na'urar POS ta ce kuɗinmu ba su isa ba, alhali akwai sama da dubu ɗari huɗu a aljihun tebur. Na ji kana cewa fulot ne ya ƙare. Mene ne fulot ɗin, kuma yaya zai ƙare ga kuɗi ina gani da idona?

Amsa: Jarin wannan shago guda ɗaya ne, sai dai yana zaune a wuri biyu. Wani kaso takardun kuɗi ne da kake ƙirgawa da hannu, wani kason kuma yana cikin asusunmu na wakilci da ke wurin kamfanin da ya ba mu na'ura, wanda ba ka ganinsa sai ka duba allon na'urar ko manhajar waya. Wannan na cikin asusu shi mutanen sana'a suka fi kira fulot, ko da yake za ka ji wasu suna haɗa duka biyun da sunan. Na'ura ba ta san abin da ke cikin aljihun tebur ba, kuma kamfani ba ya ba mu bashi, saboda haka duk kuɗin da za ka tura wa wani dole ne su fito daga abin da muka riga muka zuba a asusun.

Idan mutum ya zo cire kuɗi, ko da kati ko ta hanyar turo mana daga wayarsa, asusunmu yana ƙaruwa, tsabar kuɗi kuma tana raguwa. Idan ya zo sanya kuɗi, wato ya ba ka tsaba ka tura zuwa asusunsa ko na wani, tsabar ce ke ƙaruwa, asusun yana raguwa. Kamar tulu biyu ne da ake juye ruwa daga wannan zuwa wancan: ruwan bai ƙaru ba, bai ragu ba, amma ɗaya zai iya bushewa ƙaf yayin da ɗayan yake ambaliya. Abin da ke ƙaruwa kawai shi ne ɗan ladan aikin da muke karɓa.

Bari mu bi lissafin da adadi, domin ka ga inda dubu tamanin ɗin nan ta maƙale. Ɗauka mun buɗe shago da jarin naira 500,000, dubu 350 tsaba, dubu 150 a asusu. Mutum na farko ya zo cirar dubu ashirin da kati. Ka sanya 20,300 a na'ura saboda ladanmu ɗari uku ne, kamfani ya ɗauki ɗari nasa, sai 20,200 ta shiga asusu, kai kuma ka ƙirga masa dubu ashirin. Yanzu tsaba ta koma 330,000, asusu ya zama 170,200, jimilla 500,200. Ribarmu a wannan ciniki ɗari biyu ce, ba ɗari uku ba, kuma ka lura cewa tana cikin asusu, ba ta cikin aljihun tebur. Yara da yawa a nan suke ruɗewa, su ce sun yi aiki tun safe ba su ga riba a hannu ba.

Daga nan sai mai shagon shinkafa ya kawo dubu ɗari a tura wa dillalinsa, ya ɗora ɗari uku na aiki. Ka karɓi 100,300 a hannu, dubu ɗari ta fita daga asusu, tare da, mu ce, naira ashirin ta kuɗin turawa. Tsaba ta tashi zuwa 430,300, asusu ya sauka zuwa 70,180. Jarin yana nan cif, har da ƙarin naira 480. Amma da na uku ya zo da dubu tamanin ɗinsa, babu yadda za a yi dubu saba'in ta biya dubu tamanin, ko da aljihun tebur zai fashe da kuɗi. Abin da ya same ka jiya ke nan, kuma da ka duba asusun bayan ka sallami mai shinkafa, da ka san haka tun kafin mutumin ya fara ƙirga maka kuɗinsa. Na fi son ka riƙa dubawa bayan kowane babban ciniki, domin gaya wa mutum tun farko cewa dubu saba'in kaɗai za ka iya turawa ya fi ka karɓi kuɗinsa, ka ƙirga, sannan ka mayar masa a gaban jama'a.

Akasin wannan ma yana faruwa, kuma a unguwarmu shi ya fi yawa. Ƙarshen wata, idan albashi ya shiga, kusan kowa cirewa ya zo yi, sai ka ga kafin azahar asusu ya cika, hannu kuma babu ko dubu biyar. Haka wakilin da ke kasuwar dabbobi, irin ta Wudil ran Juma'a ko ta Maigatari ran Alhamis, yake fama, saboda mai saye yana da kuɗi a banki, makiyayin da ya kawo bijimi kuwa tsaba yake so a hannunsa. Wakilin da ke kusa da 'yan Kantin Kwari ko kasuwar Singa yakan ga wani abu dabam da yamma, lokacin da masu shaguna ba sa son kwana da cinikin yini a gida, suna neman a zuba musu a asusu. Don haka ba a raba jari biyu daidai kawai don a ce an yi adalci. Ana raba shi ne gwargwadon abin da mutanen wurin suka saba zuwa yi, da ranar mako, da ranar wata. Mu a nan muna buɗewa da kashi bakwai cikin goma tsaba, ƙarshen wata kuma mu kai kashi tara.

Idan ɓangare ɗaya ya yi ƙasa, hanyar da ta fi kowace arha ita ce ka jira abokin ciniki mai akasin buƙatar, domin mai cirar dubu hamsin yana cika maka asusu kuma yana biyan ka lada a kai. Amma ba a gina sana'a a kan jira. Shi ya sa ka ga ina riƙe da mai gidan man nan da mai sayar da kayan masarufi na bakin titi hannu bibbiyu. Su tsaba ce ke taruwa musu, suna neman mai raba su da ita, mu kuma ita muke nema, sai mu tura musu ta asusu su ba mu a hannu, wani lokaci kyauta, wani lokaci da ɗan abin da aka daidaita a kan kowace dubu ɗari. Maƙwabcinmu mai na'ura ma ba abokin gaba ba ne, domin ranar da tasa ta cika tamu ta bushe, musanya muke yi. Banki shi ne na ƙarshe a wurina, saboda kuɗin abin hawa, da layi, da rufe shago na awa biyu, da haɗarin tafiya da kuɗi a jiki. Ka lissafa: idan zuwa banki ya ci naira dubu, to ribar mutum biyar masu cirar dubu ashirin ta tafi a hanya.

Ba ka fara aiki ba a farkon 2023, lokacin da tsaba ta ɓace a gari bayan an sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022. A lokacin asusun wakilai cike yake, amma ba shi da amfani, saboda abin da jama'a ke nema shi ne takarda, har ta kai ana sayen naira da naira. Wanda ya tsira shi ne wanda yake da 'yan kasuwar da ke ba shi cinikinsu na yini. Sannan ka sani akwai iyaka daga sama: a watan Disamba na 2024 Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade cewa kada wakili ya ba mutum ɗaya fiye da naira dubu ɗari a yini, kuma jimillar abin da wakilin zai fitar a yini kada ta wuce miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Ma'anar wannan a wurinmu ita ce, tara tsabar miliyan biyu a shago ba zai ƙara mana ciniki ba, sai dai ya ƙara wa ɓarawo kwaɗayi.

Yanzu ga inda fulot yake zurarewa da gaske, ba sauya wuri kawai ba. A wajen cirewa, ƙa'idar ita ce kuɗi su shigo asusunmu kafin takarda ta bar hannunka. Idan da kati ne, sai allon ya nuna Approved kuma rasit ya fito da haka. Wani lokaci allon zai nuna Declined, amma wayar mutumin ta yi ƙara cewa an cire masa. Zai nuna maka saƙon, zai rantse, kuma gaskiya yake faɗa, sai dai kuɗin suna tsakanin bankinsa da hanyar biya, ba su iso gare mu ba. Ka duba jerin cinikin da ke na'ura a gabansa, ka ba shi rasit ɗin da ya nuna an ƙi, ka gaya masa cikin ladabi cewa bankinsa ne zai mayar masa, idan kuma ba su dawo ba ya kai rasit ɗin can. Idan tausayi ya sa ka biya shi, gobe kuɗinsa za su koma asusunsa, namu kuma sun tafi ke nan sai in shi mai tsoron Allah ne. Wanda ya ce ya turo daga wayarsa kuwa, kada ka kalli allon wayarsa ko kaɗan, domin ana ƙirƙirar saƙon bogi da hoton rasit na bogi. Asusunmu za ka buɗe, ka ga adadin ya ƙaru, ka ga sunan mai turowa.

A wajen sanyawa kuma tsarin juyewa yake yi: ka karɓi kuɗin, ka ƙirga sau biyu, ka taɓa kowace takardar dubu ɗaya saboda jabu, sannan ka shigar da lambar asusun mai lamba goma, ka karanta masa sunan da ya fito da ƙarfi har sai ya amsa da bakinsa. Idan turawar ta tsaya a Pending, kada ka sake turawa don mutum yana gaggawa, kada kuma ka mayar masa da kuɗinsa, domin sau da yawa ta farkon takan wuce bayan wasu mintuna, ka wayi gari ka biya sau biyu. Rubuta lambar wayarsa, ku jira ta tabbata ko ta dawo.

Duk wannan ana gane shi ne a lissafin dare, wanda daga yau kai za ka riƙa yi kafin in duba. Ka ƙirga tsaba, ka duba asusu, ka haɗa su, ka cire jarin safe. Abin da ya rage ya kamata ya yi daidai da ladan da ka rubuta a littafi bayan an fitar da kason kamfani da abin da aka kashe, kamar kuɗin data da takardar rasit. Idan giɓin ɗari ne ko ɗari biyu, yawanci lada ne ka manta ba ka karɓa ba, ko cajin kamfani da ba ka rubuta ba. Idan kuwa adadin ya zo daidai da wani ciniki guda, kamar dubu goma cif, to ka koma jerin cinikin yini ka nemi wanda aka biya alhali bai shiga ba, ko wanda aka tura sau biyu. Ribar da ta fito mu ware ta gefe a daren, jarin kuma ya koma dubu ɗari biyar ɗinsa, sannan mu duba kalanda mu yanke nawa zai kwana a asusu, nawa za mu nemo tsaba daga gidan mai kafin a buɗe da safe.