Jadawalin sakamako mai layuka uku

"Ina rubuta rahoton gwajin taki a gonar masara. Yaya zan tsara jadawalin sakamakon?"

Malam, layuka uku a kwance sun wadatar: ɗaya a sama, ɗaya ƙarƙashin kanun ginshiƙai, ɗaya a ƙasa. A manhajar tsara rubutu ta LaTeX su ne `\toprule`, `\midrule` da `\bottomrule` na ƙunshin `booktabs`, kuma ba a jan layin tsaye. Ma'auni sau ɗaya ake rubuta shi a kanu, kamar "Amfanin gona (t/ha)", sannan alƙaluma su sauko zalla, ɗigo ƙarƙashin ɗigo, misali 3.20 a sama, 4.75 a ƙarƙashinsa. Ƙarin bayani ƙarƙashin layin ƙarshe yake zama, kuma na fi son a yi masa alama da ƙaramin harafi, ba da lamba ba, domin duk wanda ya ga 3.20² zai ɗauka an ninka adadin da kansa ne.