Jan bulo da ruwa, na siminti a bushe

"Kawu, zan fara ginin ɗan gidanmu. Magina suna cewa jan bulo sai an jiƙa shi kafin a ɗora, na siminti kuwa a bushe ake so. Al'ada ce kawai ko da dalili? Wanne zan ɗauka?"

Ɗana, al'ada ce, amma wadda magina suka koya bayan sun sha wuya.

Jan bulo laka ce da ta sha wuta, zafin da ke kaiwa wajen digiri 1,000, don haka yakan fito da ƙishirwa. Ka ɗora shi a bushe, nan take ya zuƙe ruwan kwaɓin da ke ƙarƙashinsa. Shi kuwa siminti ba bushewa ce ke sa shi ƙarfi ba, haɗuwarsa da ruwa ce. Na taɓa sa farce a tsakanin bulo biyu na wani sabon gini, kwaɓin ya zubo mini a tafin hannu kamar toka. Raina ya ɓaci, domin guminsa mai gidan ya zuba a wurin. Saboda haka a jiƙa jan bulo, a bari ruwan bayansa ya tsane, sannan a ɗora.

Bulon siminti nasa ruwan tun a wurin bugu yake sha. A yi masa ban ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7, ƙarfinsa kuma sai wajen kwana 28 yake cika. Yana bushewa yana ɗan tsukewa. In aka ɗora shi ɗanye, a jikin bango zai ƙarasa tsukewar, sai ka ga tsaga tana bin layin kwaɓi kamar matakala, ko ta taso daga kusurwar taga.

Gwada su da hannunka. Buga jan bulo biyu da juna: wanda ya gasu ƙara yake kamar ƙarfe, wanda wuta ba ta ratsa ba sai ka ji "dum". Na siminti kuwa murza kusurwarsa da babban yatsa. In yashi ya zubo, an yi rowar siminti, ka bar musu kayansu.

Ga lissafi. Ɗaki mai mita 4 da 3, tsayin bango mita 3, in ka cire ƙofa da taga, saura murabba'in mita 38. Bulon siminti mai inci tara guda 10 ne a kowane murabba'i, wato 380. Jan bulo ƙarami kusan 60 ne a jeri ɗaya, kuma kafin ya kamo wannan kaurin sai jeri biyu, kusan 4,560. Kwaɓi ya ƙaru, kwanakin magini sun ƙaru. Sai dai shi ba lalle a yi masa filasta ba, kuma zafin rana yana daɗewa kafin ya ratsa shi.

Da ni ne kai, mai tara kuɗin gini da kaɗan-kaɗan, na siminti zan ɗauka, a buga shi a filina ina kallo. Ka riga magini da wata guda, tiyo a hannunka. Allah ya sa albarka.