Fawa 4 ce, amma malam ya soke

Tambaya: "Salam. Ɗaliba ce ni a Tudun Wada. Na rubuta cewa f(x) = x⁴ + 3x fanshin cika ne tunda babbar fawarsa 4 ce, sai malam ya soke. Ina kuskuren yake?"

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Malaminki ya yi daidai. Na daɗe ina koyar da lissafi a nan Kaduna, kuma kusan kowane aji sai an samu masu duban babbar fawa kaɗai. Ita babbar fawa inda bakin giraf biyu za su nufa can nesa kawai take nunawa.

Gwajin shi ne ki sa −x a duk inda x yake. Idan fanshin ya dawo yadda yake, cika ne. Idan kowace alama ta juye, mara ne. A naki:

```
f(−x) = (−x)⁴ + 3(−x) = x⁴ − 3x
```

Kin ga x⁴ bai motsa ba, 3x kuwa ya juye. To bai dawo yadda yake ba, kuma ba duka ne suka juye ba, don haka ba cika ba ne, ba mara ba. Yawancin folinomiyal ma haka suke, kada ki ɗauka dole sai ɗaya daga cikin biyun.

Kwatanta da g(x) = x⁴ − 5x² + 4. Fawoyinsa 4 da 2 ne, ita kuma 4 ɗin ƙarshe 4x⁰ ce, sifili kuwa cika ne. Zana shi ki ninke takardar a kan layin y, gefen hagu zai hau kan na dama cif. Shi ya sa yake yanke layin x a 1 da −1, da kuma 2 da −2.

Mara ba ninkewa ake yi ba, juyawa ake yi. A h(x) = x³ − 4x akwai ɗigo a (1, −3), akwai abokinsa a (−1, 3). Ki juya takardar sama ta koma ƙasa, a kan (0, 0), zanen zai fito yadda yake. Dole ne kuma ya bi ta (0, 0), domin h(0) = −h(0) ba ya yiwuwa sai da sifili. Da kin ƙara masa 1, ya tashi daga mara.

Abin da ya fi ba ni haushi wajen makin shi ne gwaji da lamba ɗaya. Duba p(x) = x³ + x² − x. Za ki samu p(1) = 1, p(−1) = 1, sai ɗalibi ya rubuta cika ya wuce. Amma p(2) = 10, p(−2) = −2. Lamba ɗaya ta isa ta ƙaryata, kamar yadda f(1) = 4 da f(−1) = −2 suka isa a naki, amma tabbatarwa sai da −x ɗin kansa, kuma ki sa shi cikin baka kafin ki ɗora fawa.