Miƙa magana tsakanin mutum biyu a gaban taro

Kawu, barka da war haka. An haɗa ni da tsohon malamina na aikin gona mu yi wa manoman ƙauyenmu bayanin adana wake a buhu mai ruɓi uku, minti 20 aka ba mu. A al'ada wa ya kamata ya fara? Kuma yaya zan tsara takardar yadda zan riƙa karɓar magana daga bakinsa ba tare da na yi rashin kunya ba?

Ɗana, Malam ne zai buɗe, shi ne kuma zai rufe da addu'a. Wannan ba ya buƙatar shawara. Sallama, gaisuwa ga mai gari da liman da dattawa, duk a bakinsa suke, kuma sau ɗaya za a yi su. Shi zai gabatar da kai, ya ce ga ɗalibina, zai yi muku bayanin kaza. Da wannan kalmar ya ba ka izinin magana a gaban iyayenka. Saboda haka idan magana ta zo hannunka, sallama kawai za ka yi ka shiga aiki. Kada ka sake jero masu girma ɗaya bayan ɗaya, domin minti biyu za su tafi a banza, kuma kamar kana cewa gaisuwar Malam ba ta isa ba ne.

Ka lura da yadda ake tafsiri da azumi. Mai jan baƙi ba ya jira a ce masa "to Alaramma, bismilla" a kowace aya. Littafi ɗaya ne a gabansu, ya san inda aka tsaya, yana jin malam ya kai ƙarshen bayani ya sauke murya sai ya ja aya ta gaba. Abin da ya sa babu karo shi ne kowa ya san ƙarshen maganar ɗan'uwansa tun kafin a zo wurin. Ku ba ku da nassi guda da kuka haddace, don haka dole ku rubuta wa kanku waɗannan gaɓoɓi.

Ka tsara abin da zai ci minti 17, ka bar uku don taron ƙauye ba ya rasa mai shigowa a makare ko na'urar magana da ta ɗauke. Malam ya buɗe da minti biyu. Kai ka ɗauki biyar a kan ƙwaron wake: yadda yake yin ƙwai tun wake yana gona, ya biyo shi rumbu, da dalilin da ya sa sai wake ya bushe ƙayau an sheƙe shi kafin a zuba. Sai minti shida na nuni, Malam yana bayani kai kana aiki da hannu. Ka dawo da minti biyu a kan kurakurai, kamar ajiye buhu inda ɓera zai huda shi ko yawan kwance shi ana ɗiba. Malam ya rufe da biyu. Ka ga miƙa magana sau huɗu ke nan. A minti 20 huɗu sun isa. Idan kuka mai da ita goma, wannan ya faɗi jimla wancan ya ƙarasa, mutane za su koma kallon ku suna juya kai hagu da dama, waken kuma ya ɓace musu.

Takardar kuwa guda ce, a buga ta biyu, kowa ya riƙe irin ta ɗan'uwansa. A kowane sashe ka rubuta sunan mai magana da mintinsa a sama da manyan baƙaƙe. Tsakiyar sashe kanun batu uku ko huɗu sun wadatar, ba sai ka rubuta wa Malam abin da ya shekara yana koyarwa ba. Amma jimlar ƙarshe ta mai fita da jimlar farko ta mai shiga, waɗannan ka rubuta su kalma bayan kalma, ka ja musu layi, ku haddace. Jimla takwas ce gaba ɗaya.

Nan ne aikin yake, don haka bari in tsaya a kai. Jimlar miƙawa mai kyau tana rufe abin da ya gabata, tana buɗe tambayar da mai shiga zai amsa, sannan sunansa ya zo a ƙarshenta. Ɗauki ƙarshen sashenka na ƙwaro. Za ka ce: "To ga wake ya bushe, amma ƙwan ƙwaro yana jikinsa. Yaya za a kashe shi ba tare da an zuba magani ba? Wannan sai Malam." Shi kuma ya karɓa da amsar kai tsaye: "Da hana shi iska. Leda biyu a ciki, buhu a waje." Mai sauraro bai ji an yanke ba, tambaya ya ji da amsarta. Suna yana zuwa ƙarshe ne domin duk wanda ya ji an ambace shi yakan yunƙura ya buɗe baki. Idan ka sa sunan a farkon jimla, zai fara kana tsakiyar magana, ku yi karo, kowa ya ce wa ɗan'uwansa bismilla. Kana faɗin sunan ka juya ka dube shi, ka miƙa masa abin magana da hannun dama, ka ja da baya taku ɗaya, ka yi shiru.

Ka guji fara naka da "kamar yadda Malam ya faɗa" sannan ka maimaita bayaninsa. Yara suna ɗauka ladabi ne, amma lokaci yake ci, kuma yana mai da kai ɗan amshi. "Na gode, Malam" ta isa.

Wurin nuni ka rubuta aikin hannunka a gefen maganarsa, layi da layi: ya ce a duba leda ko ta huje, ka ɗaga ta, ya ce a matse iska, ka matse, ya ce kowane ruɓi da ɗaurinsa daban, ka murɗe bakin leda ta ciki ka ɗaure, sannan ta biyu, sannan buhun. Kada hannunka ya riga bakinsa, don ido yana bin hannu, kunne sai ya bar mai magana.

Abin da ya fi ɓata irin wannan tsari shi ne babba ya ji daɗin magana ya zarce, har ya cinye sashenka. Ba za ka katse shi ba. Maganin tun a gida ake yin sa. Ka kai masa takardar kwana biyu ko uku kafin taro, a matsayin mai neman gyara, ka roƙe shi ya zaɓi alamar da za ka yi masa in saura minti ɗaya, misali ka ɗauki buhun ka riƙe. Tunda shi ya zaɓa, ba raini ba ne. Idan duk da haka ya riga ka faɗin batun ɓera, ka tsallake shi ka tafi na gaba. Shi ya sa tun farko ka sa alama a kan batu guda a kowane sashenka wanda za ka iya yarwa. In kuma ya yi tuntuɓen harshe a wani abu mai muhimmanci, kada ka gyara shi nan take. Idan magana ta dawo gare ka sai ka faɗi daidai ɗin a cikin bayaninka, ba tare da ka nuna an yi kuskure ba.

Ku yi gwaji sau biyu da agogo. Na farko daga sallama har addu'a. Na biyu gaɓoɓin nan huɗu kaɗai, a tsaye, da buhun a hannu, Malam yana tsaye a gefen da zai tsaya ranar taron. Ku kuma yanke tun yanzu cewa duk tambayar da aka jefo Malam ne zai karɓa, ya amsa ko ya ce "ɗalibina zai amsa wannan", don kada ku buɗe baki tare.